Wace kalma za mu sa wa waƙar da mutumin cikin labari ya rera da bakinsa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara darasin rubutun fim, na cije a kan abin da ake kira diegetic song. Misali yarinya tana niƙa, kishiyar uwarta na jin ta daga ɗaki, ita kuwa tana rera waƙar maraici. Me za mu kira irin wannan waƙa?

Ɗan Fagge: Ai waƙar fim ke nan, mun daɗe da ita. Saurayi da budurwa a lambu, ana canza kaya.

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, ba ita ba ce. Ma'aunin guda ɗaya ne: mutanen cikin labarin suna jin waƙar? Ta lambu mai kallo kaɗai ake yi wa, labari tsayawa yake sai ta ƙare. Ta niƙa kuwa kishiyar uwa ta ji habaicin, kuma gobe za ta rama, wato waƙar ta tura labarin gaba. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A tatsuniya, wanda aka zalunta yakan tona asiri da waƙa, mai ba da tatsuniyar ta sauya murya, yara su yi amshi. Ni dai "waƙar cikin labari" nake cewa a aji.

Mai Fassara: Malama, na so in ce "waƙar baka", tunda daga bakinta ta fito.

Malamar Adabi: A'a ƙanena, wannan sunan yana da mai shi. Waƙar baka ita ce kishiyar rubutacciyar waƙa, za ka rikita ɗalibai.

Baban Sutudiyo: Ni matsalata ba suna ba ce. An taɓa kawo mini irin wannan fitowa, darakta ya ce a sa fiyano a gyara murya. Na ce ranka ya daɗe, mai niƙa numfashinta na tafiya ne da turin ɗan dutse, shi ya sa baitinta gajeru ne, tana yankewa tana ja. Gurzar dutsen ita ce kiɗanta. Kuma yarinyar Bazamfara ce a labarin, amma mai waƙar ta rera "'yar marainiya" da Kananci, inda ya kamata a ji "ɗiya". Nan take kunne zai gane aron baki aka yi. Mu "waƙar ɗan wasa" muke cewa.

Malamar Adabi: Gyaranka daidai ne, Baba, sai dai sunan ya rataya ga fim da dandamali. A littafi babu ɗan wasa.

Ɗan Fagge: To Malama, ai ta lambun ma a cikin labarin take, ina bambancin a sunan?

Malamar Adabi: Ka kama ni a nan. Sai mu kira waccan "waƙar rakiya", tunda rako labarin ta yi.

Mai Fassara: Zan sa "waƙar cikin labari" a babin farko. "Rakiya" kuwa ban gamsu ba tukuna, don kiɗan da ake sawa a ƙarƙashin magana shi ma rakiyar yake yi.