Kacici-kacicin karɓa-karɓa a rukunin bita: wa ya taɓa gwadawa?

Ummi Gwale: Assalamu alaikum. Mu shida ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar muna bitar darasin Gwamnati don JAMB. Kowa ana ba shi maudu'i, ya karanta, ya taƙaita a shafi ɗaya, ya turo ranar Laraba. Damuwar ita ce ba mai karanta na wani. Kowa nasa ya sani, idan mun zauna sai a yi ta karatu ana hamma. Muna so mu mayar da zaman ya zama kacici-kacici, a riƙa ciro tambayoyin daga taƙaitawar kowa. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah yaya kuka tsara naku, kuma ina ya ba ku wahala?

Abba Ɗan Lalle: Wa alaikumus salam. Mu mun yi a bara, kuma abu ne mai sauƙi. Kowa ya zo da tambaya goma daga abin da ya taƙaita, ya tsaya ya yi wa sauran. Wanda ya riga ɗaga hannu shi zai amsa, maki biyu. An sha dariya, wallahi, har waɗanda ba sa zuwa suka dawo.

Malam Sani Mai Darasi: Abba, dariya kam za a sha, amma a hakan ne wasan yake mutuwa. Ina koyar da Gwamnati a darasin yamma, na ga ɗalibaina sun gwada irin naku. Mai taƙaitawa idan shi zai yi tambaya, abu biyu ke faruwa. Ko ya ciro ɗan abin da ya ɓoye a layin ƙarshe don ya kayar da mutane, ko kuma ya yi tambaya a kan kuskuren da ya rubuta, shi ne kuma alƙali, ba mai ja da shi.

Ummi, abin da zan ba ku shawara shi ne kada mai rubutu ya taɓa yin tambaya a kan rubutunsa. Ku jera sunayenku daga 1 zuwa 6, jerin ya zauna haka. A makon farko, taƙaitawar mai lamba 1 ta tafi wajen mai lamba 2, ta 2 ta tafi wajen 3, har ta 6 ta zagayo wajen 1. A mako na biyu a tsallake mutum ɗaya: ta 1 wajen 3, ta 2 wajen 4. Haka za a yi ta matsawa, kamar kwasar adashi, a mako biyar kowa ya riƙe takardar kowa sau ɗaya. Wanda takarda ta zo hannunsa zai ciro tambaya biyar, kowace a kan katinta, amsa a baya. Dole ya karanta da kyau, don ba a yin tambaya a kan abin da ba a gane ba. Kun ga an riga an kashe rabin damuwarku tun kafin Asabar.

Sai mutum na uku, mai dubawa, wato wanda ke bin mai tambaya a jeri. Aikinsa ya ɗauki katunan biyar ya gwada amsoshin da littafi, ba da taƙaitawar ba. Wannan mutumin kada ku raina shi.

Ga abin da ya faru a gabana. Wata yarinya ta taƙaita tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa. Ta rubuta: Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, sannan ta ƙara da cewa dukkansu sunayen gwamnonin Najeriya ne. Ukun farko gwamnoni ne, haka ne. Amma Lyttelton bai taɓa mulkin Najeriya ba, sakataren ƙasashen mulkin mallaka ne a Landan. Mai tambaya ya ɗauka yadda ya gani, ya yi kati a kai. Ba don mai dubawa ya buɗe littafi ba, da mutum shida sun haddace kuskure ɗaya, kuma abin da aka haddace cikin raha da gasa ya fi wuyar fita daga kai.

Hajara Tudun Wada: Malam, akwai inda lissafin ya karkace. A mako na biyar takardar 1 tana wajen 6, wanda ke bin 6 kuwa shi ne 1. Mai rubutun ya zama mai duba kansa ke nan.

Malam Sani Mai Darasi: Kin gani daidai, Hajara. A wannan makon sai a tsallake shi, dubawar ta koma ga na gaba.

Baban Walida: Ni a makarantarmu muna shirya kacici-kacici tsakanin aji da aji duk ƙarshen zango. Abin da nake ba ku shawara ku nemi ƙararrawa da agogo, ku kuma tanadi kyauta ko da sabulu ne ko littafin rubutu. Ku gayyaci wani babba ya zama alƙali. Ba kyauta, ba armashi.

Ummi Gwale: Na gode Baba, amma namu ba gasar taro ba ce, a tsakar gida muke zama mu shida. Agogon dai zan ɗauka. Malam, to ranar Asabar ɗin yaya ake yi? Wa zai amsa?

Hajara Tudun Wada: Bari in faɗi namu, don mun yi kusan irin wannan muna shirin WAEC. Ɗaga hannu da Abba ya ce shi ne ya kusa tarwatsa mu. Akwai wata a cikinmu mai saurin baki, kafin ka gama jin tambaya ta amsa. Biyu daga cikinmu suka koma 'yan kallo. Sai muka canja: a karanta tambaya, kowa ya rubuta amsarsa a takarda, a ɗaga tare. Daga nan muka gano wadda ta fi kowa shiru ita ta fi kowa ci.

A kowane kati mutum uku ba sa amsawa, mai rubutu da mai tambaya da mai dubawa, tunda sun ga amsa. Sauran ukun su rubuta. Taƙaitawa shida, kati biyar-biyar, kati 30 ke nan, kowa zai amsa 15. Lokaci kuwa ku ɗauko daga JAMB ɗin kanta: tambaya 180 ce a awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Ku saba da wannan tun yanzu. Bayan an ɗaga takardu, mai rubutun ya yi bayanin dalilin amsar, kada ya wuce minti ɗaya. Katin da Turanci za ku rubuta tunda da shi za a tambaye ku, bayanin kuma a yi da Hausa. Idan mai rubutu ya kasa bayyana abin da ya rubuta da Hausa, kwafa ya yi, kowa zai gani.

Abba Ɗan Lalle: To ai ni nan ne ban yarda ba. Na zo bita, a ce rabin tambayoyi ba zan amsa ba? Mu a namu kowa yana cikin kowace tambaya in ban da mai yi.

Hajara Tudun Wada: Ɗaya rabin ai ka riga ka yi aikinsa a gida, Abba. Sannan akwai tsofaffin katuna. Duk katin da ko mutum ɗaya ya faɗi, muna jefa shi a gwangwani. Farkon kowane zama a zaro goma a rufe ido, wannan kowa ke amsawa, har mai rubutun. Za ka sha mamaki yadda mutum ke faɗuwa a maudu'in da shi ya taƙaita mako uku baya. Katin da kowa ya ci sau biyu a jere sai a fitar da shi. Amma gaskiyarka a wuri ɗaya: idan ku huɗu ne, tsarin ba zai yiwu ba, mutum ɗaya kaɗai zai rage. A nan sai mai tambaya ya haɗa da dubawa.

Malam Sani Mai Darasi: Maganar maki ita ce ke gyara irin tambayoyin da za a kawo. Mai amsa daidai maki ɗaya. Mai tambaya kuma yana samun maki ɗaya ne kawai idan ɗaya ko biyu suka ci. Idan duk ukun sun ci, tambayar ta yi arha, ba shi da komai. Idan ba wanda ya ci, ita ma ba shi da komai, sai a duba ko tambayar ce ta karkace ko taƙaitawar ce ba ta fayyace ba.

Ku kwatanta waɗannan biyun. "A wace shekara aka yi tsarin Clifford?" Kowa zai ce 1922, an ɓata kati. Amma a ce: "A tsarin 1922 an zaɓi wakilai huɗu, uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Me ya sa ba ko ɗaya daga Kano?" Zaɓi huɗu, daga A zuwa D. Amsar ita ce majalisar ba ta yi wa Arewa doka a lokacin, gwamna ne ke yi mata doka da kansa, sai a tsarin Richards Arewa ta shiga majalisa ɗaya da Kudu. Wanda ya haddace shekaru kawai zai faɗi, wanda ya gane zai ci. Kuma zaɓin ƙarya su kasance daga cikin maudu'in. Idan amsa Macpherson ce, sauran su zama Richards da Clifford da Bourdillon, kada a sa sunan da ko yaro ya san ba shi ba ne.

Wanda ya kama kuskure a taƙaitawa ya nuna shafin littafi, maki biyu.

Sadiya Zariya: Malam, wannan maki biyun shi ya haddasa mana rigima. Mun ƙara da cewa a cire wa mai kuskuren maki ɗaya. Sai mutane suka koma rubuta abin da ba zai yiwu a kama su ba, taƙaitawa ta zama jerin shekaru tsura. Wata kuma ta yi fushi ta daina zuwa. Sannan akwai abin da littattafan kansu ba su faɗa iri ɗaya ba. An yi kati cewa Richards ne ya raba Najeriya yanki uku. Wani ya kawo littafi da ke cewa tun 1939 Bourdillon ya raba Kudu gida biyu, Gabas da Yamma, Richards majalisun yankuna ya kafa. Aka kwashe rabin zama ana musu, magariba ta yi ba a kai kati na goma ba.

Malam Sani Mai Darasi: Cire maki kam ban ce a yi ba. Katin musu kuma ba a warware shi a zaman. A ajiye shi gefe, a ci gaba, a kai wa malami cikin mako. A wannan na ku mai littafin ya fi gaskiya a tarihi, amma ku duba tsofaffin tambayoyin jarrabawa ku ga yadda ake tambayar, don sau da yawa Richards ake nema idan an ce tsarin mulkin da ya kawo yankuna. Gyaran katin shi ne a sa kalmar "tsarin mulki" a cikin tambayar.

Sadiya Zariya: Duk da haka ni na fi son a bar maki gaba ɗaya. Tun da muka daina ƙirga wa kowa nasa, muka koma ƙirga katin da ya fita daga gwangwani, zaman ya fi lafiya.

Abba Ɗan Lalle: Ba maki ai ba wasa ke nan, Sadiya. Mu da an cire maki ba wanda zai zo.

Ummi Gwale: Za mu fara da makin, ban da cirewa, mu ga yadda za ta kaya. Saura abu ɗaya. A cikinmu akwai wanda ba ya turo nasa sai daren Juma'a. Idan ya makara, mai tambaya da mai dubawa duk sun tsaya. Ku yaya kuke yi da irinsa?

Hajara Tudun Wada: Mu idan Alhamis ta wuce ba a turo ba, mai tambaya ya ciro katunan kai tsaye daga littafi, mai makarar kuma ya shiga cikin masu amsawa a kan maudu'insa, a gaban kowa. Ga wasu ya yi magani. Akwai ɗaya dai da har muka shiga jarrabawa bai canja ba.