Miliyan ɗayan nan asara ce ko kuɗin kaya?

Mai Sola, Wuse: Salamu alaikum. Inbois na dala 10,000 ya zo min daga Chana na batura 40. Ranar da kaya suka zama nawa dala tana naira 1,500, ranar da na biya ta kai 1,600. Akantana ya rubuta asarar canji miliyan ɗaya. Ni na ce babu wata asara, kaya ne suka tsaya min a miliyan 16.

Alhaji na Garki: Gaskiyarka ɗana. Abin da ya fita daga aljihunka shi ne kuɗin kaya. Shekara talatin haka nake lissafi, ban karye ba.

Malama Akanta: Alhaji, Allah ya ƙara girma, wajen sa farashin sayarwa ina bayanku. Wanda ya sayar a kan lissafin 1,500 ba zai iya sake cika sito ba. Amma littafi daban. Ranar da baturan suka zama nasa ya rubuta kaya miliyan 15, bashi miliyan 15. Daga ranar baturan ba su ƙara komai ba, bashin ne ya kumbura saboda da dala ake bin sa. Miliyan ɗayan kuɗin jinkirin biya ne, shi ya sa ƙa'idar akantoci ta duniya, IAS 21, ta ce a kai shi lissafin riba da asara, kada a ɗora wa kaya.

Mai Sola, Wuse: To ai duk kanwar ja ce Anti, kuɗin dai sun fita.

Malama Akanta: Nawa ka sayar zuwa yanzu?

Mai Sola, Wuse: 20.

Malama Akanta: Ka ga inda gizo ke saƙar. A lissafina kowane batir 375,000 ne, a naka 400,000. Guda 20 da ke jibge a sito sun haɗiye dubu 500 daga asarar, ta ɓuya a cikin kwali. Ribarka ta wannan wata za ta fito da ƙarin dubu 500 da babu ita, in kana da abokin tarayya har ka raba masa. Kuma ba za ka taɓa gane ko ciniki ne ke cin ka ko jan ƙafa wajen biya ba.

Ɗan Canji, Zone 4: Ni tambayata, 1,500 ɗin ta wa? Wanda ke sayen dala a hannunmu me ya haɗa shi da farashin CBN?

Malama Akanta: Ranar biya babu gardama, nairar da ka kashe da gaske ita za ka rubuta, ka ajiye rasit. Ranar shigar da inbois ce ake zaɓi. Yawancinmu farashin da CBN ke wallafawa muke ɗauka, don kowa zai iya dubawa. Sharaɗin dai ka tsaya a kan ɗaya, ba yau na banki gobe na bakin titi ba. Kafin Yunin 2023, da CBN bai haɗe kasuwannin canji ba, na gwamnati yana wajen 460, naku ya haura 700. Wanda ya rubuta da na farko ya biya da na biyu sai ya ga asara ta tashin hankali, alhali tun ranar farko ba shi da hanyar samun dala a 460.

Ɗan Canji, Zone 4: Kin faɗa da bakinki. Littafin nasa ƙarya ya yi ke nan.

Malama Akanta: Ban musa ba, akantoci ma sun sha kai ruwa rana a kan wannan. Sai dai ka sani, dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026 da farashin CBN take auna abin da aka kashe da kuɗin waje.

Hajiya Mai Labule: Ni ma na huta, kwastomomina na Maitama da dala zan riƙa rubuta musu.

Alhaji na Garki: Hajiya ba zancen da ake ba ke nan. Kuma CBN ya hana sa farashi da dala a cinikin cikin gida, ki kiyaye.

Mai Sola, Wuse: Af, na manta. Dala 3,000 daga ciki kafin alƙalami ne, na tura tun dala tana 1,450.

Malama Akanta: Haba ƙanena, sai yanzu? Wannan ba bashi ba ne, yana nan a 1,450, wato 4,350,000. Saura 7,000 a 1,500, wato 10,500,000. Kayanka 14,850,000, asararka dubu 700 ce ba miliyan ba. Ka koma wa akantanka da rasit ɗin.

Alhaji na Garki: Ku rubuta yadda kuka ga dama. Ni dai batir ɗin nan a kan 1,600 zan yi masa kuɗi.