Neman kalma: me za mu kira hanyar rubuta lambobin ƙasa da sifili a tushe biyu?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara darasin tsarin lambobi zuwa Hausa, kuma ranar Litinin zan miƙa shi. Na gama da mafi yawa: na ce tushe biyu, tushe takwas, tushe goma, tushe sha shida, kowane wuri da 0 ko 1 ke zama kuma na kira shi gurbi. Inda na cije shi ne abin nan da ake kira tuz kwamfilimen, wanda ake rubuta lambobin ƙasa da sifili da shi. Na rubuta "cikon biyu" na goge har sau uku. A kunnena kamar ana cewa cikon na biyu, wato akwai wani na ɗaya a gabansa. Don Allah a taimaka.

Nura: Wa alaikumus salam Malama. Ni da "alamar gaba" za ki ce kawai. Ai abin shi ne ki sa 1 a gurbin farko na hagu, shi ke nan lamba ta koma ƙasa da sifili. 13 a gurabe takwas `00001101` ce, ta ƙasan sai ta zama `10001101`.

Injiniya Bashir: Nura ƙanena, rabin maganarka daidai ce. Duk lambar da ke ƙasa da sifili gurbinta na hagu 1 ne, wannan gaskiya ne. Amma ba sa 1 ɗin kaɗai ake yi ba. Abin da ka rubuta wani tsari ne daban, na alama da girma. Ga yadda za ka kama kanka: 13 da kishiyarta in aka tara dole a samu sifili. Tara `00001101` da `10001101` ka gani, za ka samu `10011010`, ko kusa da sifili ba ta je ba.

Malama, bari in bi 13 ɗin daga tushe, don sunan da za mu zaɓa ya fito daga aikin. Raba 13 da biyu: 6 saura 1. Raba 6: 3 saura 0. Raba 3: 1 saura 1. Raba 1: 0 saura 1. Ki karanta ragowar daga ƙasa zuwa sama, 1101, ki cika hagu da sifili har gurabe takwas. Sai ki juya kowane gurbi, ki ƙara ɗaya:

```
 00001101   13
 11110010
+       1
 11110011   -13
```

Yanzu ki tara `00001101` da `11110011`. Za ki samu 1 da sifili takwas a bayanta. Wannan 1 ɗin ta faɗa gurbi na tara, mu kuwa takwas gare mu, sai ta zube, sifili ya rage. Dalilin da na'ura ke son wannan tsarin ke nan: kayan da ke yi mata tarawa su ne ke yi mata ɗebewa, ba sai an gina wasu ba.

Malam Ilyasu: To ai Injiniya ka raɗa sunan da bakinka ba ka sani ba. Ka juya, ka ƙara. Juyi-da-ƙari. Hausa ce tsantsa, yaro na ji ya san abin da hannunsa zai yi. "Cikon biyu" kuwa Turanci ne aka sa wa riga da hula. Na daɗe ina faɗa, mu daina bin kalmarsu ƙafa da ƙafa, mu dubi abin da kansa mu ba shi suna kamar yadda iyayenmu suka yi wa komai.

Malama Hadiza: Allah ya gafarta Malam, sunan ya yi daɗin faɗa ƙwarai. Na ji ya kwanta mini a baki.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, sunan na da kyau, amma sunan hanya ne, ba sunan inda aka je ba. Akwai wata hanyar da babu ƙari a cikinta sam. Ka fara daga dama, ka kwafe gurabe yadda suke har ka kai 1 ta farko, ita ma ka kwafe ta, sauran na hagu duk ka juya su. Ɗauki 12, `00001100`. Ka bar `100` na dama, ka juya sauran, ka samu `11110100`. Ba ka ƙara komai ba, kuma amsar daidai ce. Ɗalibin da aka ce wa sunan abin juyi-da-ƙari zai ɗauka wannan wani abu ne daban.

Kuma ciko ba fassarar makanta ba ce, shi ne ainihin abin da ke faruwa. Ka karanta `11110011` a matsayin lamba ta yau da kullum, 243 ce. Nawa za ka ɗora wa 13 ta cika 256? 243. To cikonta ke nan.

Malam Ilyasu: Madalla, ka ba ni makami da hannunka. In 256 ake cikawa, ina biyun ya shigo? Sai ku ce cikon ɗari biyu da hamsin da shida mana.

Injiniya Bashir: Tambayar ta yi, Malam. 256 biyu ce sau biyu sau biyu har guda takwas, a tushe biyu kuma ana rubuta ta 1 da sifili takwas, kamar yadda dubu take 1 da sifili uku a tushe goma. Da gurabe sha shida muke da su, da 65536 za a cika. Biyun na tushe ne. Ka gwada a tushe goma da gurabe uku: cikon 013 zuwa 1000 shi ne 987. Tara 987 da 020, ka samu 1007, ka yar da 1 ɗin da ta yi waje, saura 007. Ka ɗebe 13 daga 20 ke nan ba tare da ka yi ɗebewa ba. Shi ya sa in ni kaɗai ne zan ce "cikon tushe", sai a samu cikon tushe biyu da cikon tushe goma, kowa da ɗan'uwansa.

Auwalu: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Yaran nan da Turanci za su rubuta jarrabawa. A bar shi tuz kwamfilimen kamar yadda muka bar kwamfuta da rediyo. Wa ya mutu?

Malam Ilyasu: Harshe ne ke mutuwa, Auwalu, a hankali, da irin wannan "wa ya mutu" ɗin. Duk abin ilimi ku ce a bar shi da Turanci, sai tatsuniya da karin magana ku ce ga Hausa. Ashe harshenmu na hira ne kawai?

Auwalu: Baba Malam, da girmanka, sifili daga Larabci muka aro. Lamba daga Turanci. Hamsin ɗin da ka rubuta ɗazu ma Larabci ce, ban ji ka ce gomiya biyar ba.

Malam Ilyasu: Waɗannan sun shekara aru-aru a bakin mutane har sun zama 'yan gida. Ka kai wa tsohuwa taka kalmar ta maimaita mu ji. Aro daban, haɗiye abu da ƙayarsa daban.

Zainab: Ku yi haƙuri in katse ku, ni tawa matsalar daban ce, tun da ga masana a wuri ɗaya. An ba mu −13 a rubuta a tushe takwas, na ɗauki `11110011` na raba uku-uku na samu 743, aka soke mini. Har yau ban san laifina ba.

Injiniya Bashir: Daga hagu kika fara yanka, Zainab. Daga dama ake farawa, domin can ne gurbin ɗaya-ɗaya yake. `11 110 011`, wato 363. Ki gwada: 3 sau 64 shi ne 192, 6 sau 8 shi ne 48, da 3, jimla 243. Ta dace da ta ɗazu. Taki 743 kuwa 483 take bayarwa, ta ma fi ƙarfin gurabe takwas, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki akwai kuskure. A tushe sha shida huɗu-huɗu ake yanka, `1111 0011`, wato `F3`, domin a can 15 da F ake rubuta ta. Can ba ki ga matsala ba saboda takwas na rabuwa da huɗu daidai, duk ta inda kika faro.

Zainab: Wallahi shi ne. Na gode Yaya.

Malama Hadiza: Tambayar Zainab ta tuno mini abin da ya sa nake tsoron kalmar ciko ita kaɗai. Bara wata ɗalibata ta zo da littafinta, ta rubuta −13 a gurabe takwas daidai, da aka ce ta mayar gurabe sha shida sai ta cika hagu da sifili, ta rubuta `00F3`. Ta sa yatsa a kan layin tana ce mini, Malama ai ke kika ce a cika da sifili. Gaskiyarta, na faɗa, amma a kan lambobin sama da sifili. Wannan da 1 ake cika ta, `FFF3`, in ba haka ba ta koma 243. To in na kira abin ciko, na kuma ce a cika gurabe, ciko biyu sun haɗu a shafi ɗaya.

Injiniya Bashir: Wannan ban yi tunaninsa ba, kuma kin fi ni sanin aji. Ki ce "shimfiɗa gurbin hagu" a wancan, ki bar ciko ga wannan. Abu ɗaya kuma kada ki bari ya fita daga darasin: gurabe takwas daga −128 zuwa 127 suke ɗauka. Ki sa su juya `10000000` su ƙara ɗaya, za su ga ita ce ta sake dawowa, domin 128 ba ta da wurin zama a tsarin.

Malam Ilyasu: Ko a nan ma juyawa da ƙarawa kuka ce a yi. Ni dai ban janye ba.

Nura: To su kansu lambobin ƙasa da sifilin fa? Sunan ya yi tsawo. Ni "lambar bashi" nake cewa.

Auwalu: Bashi ya yi a kuɗi. Sanyin da ya kai −5 wa yake bin wa?

Malama Hadiza: Wannan a bar shi sai wani zama, Litinin ta matso. Ga abin da zan yi. A kan darasin zan rubuta cikon tushe biyu, kalmar tushe ta raba ni da "cikon na biyu" da ke damuna. A cikin matakai, hanya ta farko zan kira ta juyi-da-ƙari, ta biyun kuma kwafe-da-juyi. Kalmar Turancin zan faɗa musu da baki sau ɗaya saboda jarrabawa. Lambobin kuma suna nan a "ƙasa da sifili" har a samo wadda ta fi.

Malam Ilyasu: An sa baƙo a zaure an tura ɗan gida bayan ɗaki. Amma tun da ya shiga littafin, na yarda a wannan karon. Ki dai rubuta shi da karan ɗori a tsakani, 'yata, kada a karanta shi kamar kalmomi uku.

Malama Hadiza: In sha Allahu, Malam. Injiniya, anjima zan turo maka shafin atisaye ka duba mini amsoshin, musamman na tushe takwas.