"Garin masoyi ba ya nisa": in tura wa maigida a Riyad ko in bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Maigidana direban gida ne a Riyad, wata 14 ke nan rabonmu da shi, kwantiraginsa na shekara 2 ne. Kullum saƙona ɗaya: "Ya aiki? Muna kewarka. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya." Shi kuma ya ce "Amin, na gode." Kamar ina gaida maƙwabci. Ina so in ƙara masa da "garin masoyi ba ya nisa". Ta dace, ko akwai wadda ta fi ta?

Ɗan Gwale: Wa alaikumus salam. Ta dace mana, ai don irin wannan aka yi ta. Tura kawai.

Malam Habu: Dakata tukuna, Ɗan Gwale. Maman Ilham, ki duba wa ake faɗa wa maganar nan tun asali. Saurayi ne zai hau keke da la'asar ya wuce ƙauye uku don zuwa zance, ya dawo cikin dare ƙafa duk ƙura, abokai su tare shi da tsiya, shi ko wani dattijo ya ce garin masoyi ba ya nisa. Wato wanda ya taka ya je ake yabo, ana cewa so ya rage masa hanya. To a gidanku wa ake jira ya tako? Shi. Garin masoyiyarsa kuma Kano ne, ga shi wata 14 bai zo ba. In ya karanta da daddare a gajiye, abin da zai iya shiga kunnensa shi ne: da kana sona da ka zo. Ke kin nufi lallashi, shi ya ji gori.

Ɗan Gwale: Malam, wannan fassarar zamanin keke ce. Yanzu in mutum ya faɗe ta, nufinsa ko kana bangon duniya kana kusa a zuciya. Haka matasa ke amfani da ita, ba wanda ke kawo gori a ransa.

Malam Habu: Ban musa ba, ana yin hakan, kuma ba laifi ba ne magana ta faɗaɗa. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana kwance a ƙasa. Mai karatu ne ke zaɓar wadda zai ɗauka, kuma mutumin da dama yake jin nauyin daɗewarsa, wadda ke ciwo zai fara gani.

Na Damagaram: Ni abin ya taɓa faruwa da ni. Na yi shekara biyu da rabi a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya ina aikin gini. Wata rana uwargida ta rubuto mini "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Daga baya ta rantse wasa take, wai har dariya take yi lokacin da take rubutawa. Ni kuwa a daren nan ban runtsa ba. Na zauna a kan buhun siminti ina lissafi: ko ƙanena ya sayar da gonar ne, ko iyayenta sun fara zancen a raba. Sai da na kashe kuɗin kira na kusan yini guda kafin hankalina ya kwanta. Labarin zuciya a tambayi fuska, to rubutun waya ba shi da fuska. In dai sai kin yi karin magana, ki yi ta da murya ya ji kina murmushi.

Abu Sadik: Baiwar Allah ki yi haƙuri, ki gode wa Allah mijinki na nema yana aikowa. Wasu nasu na gida ba su da ko na cefane. Mahaƙurci mawadaci.

Hajiya Yaya: Abu Sadik, ba ƙara ta kawo ba, so take ta faranta wa mijinta. Kuma tunda ka ambata, ita ma wannan kada ki tura masa, 'yata. Mutumin da ke tuƙi a zafin Riyad ba ya buƙatar a koya masa haƙuri daga Kano.

Bari in ba ki namu na da. Marigayi maigidana ya yi ɗinki a Jidda shekaru da dama, lokacin ba waya a hannun kowa. Kaset muke ɗauka, in alhazai za su tashi a ba wani amintacce ya kai. Kaset ɗina na farko, gaisuwa na jera tun daga shi har abokan aikinsa, na yi addu'a, na kashe rediyo. Da amsa ta zo sai ya ce, "Kaset guda kin aiko mini da gaisuwar da ko liman zai iya yi mini." Na ji kunya ƙwarai. Na biyun sai na bar abin yana ɗauka ina tankaɗe. Na gaya masa akuyarsa mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya ya gado rashin jin uwar. Na ce tabarmarsa ta ƙofar ɗaki har yanzu in na share tsakar gida sai na shimfiɗa ta, sannan in tuna in naɗe. Ban ce ina sonsa ba, mu a lokacinmu ko sunansa ba na faɗa. Wannan kaset ɗin har ya dawo yana cikin akwatinsa.

Hausawa sun ce sabo ake wa kuka. Kin ce masa kuna kewarsa, to kewar me? Me yake yi a gidan nan wanda tun da ya tafi ba mai yi?

Malam Habu: Hajiya ta kama bakin zaren. Sai dai in ƙara: ita "sabo ake wa kuka" a zaman makoki aka fi jin ta. Ki yi aiki da hikimarta, amma kada ki rubuta wa matafiyi ita.

Hajiya Yaya: Ai ban ce ta rubuta ba, Malam. Ni ma na san inda ake faɗarta.

Maman Ilham: Hajiya kin sa ni hawaye. Shayi ne. Bayan isha'i shi ke dafawa da kansa a wata 'yar buta da murfinta ya lotse, ya sa citta da kanumfari, ya zuba sukari kamar ba da kuɗi ake saye ba, kullum sai mun yi faɗa a kan sukarin. Akwai kuma zogalen da ya dasa a bayan ɗaki sati biyu kafin ya tafi, yanzu ya wuce katanga. Ilham kuma duk jirgin da ya wuce sai ta ɗaga hannu ta ce Abba. Amma wannan ai ba zancen soyayya ba ne, labarin gida ne kawai.

Hajiya Yaya: Shi ne zancen, 'yata. Wa ya san butar nan in ba ku biyu ba? "Muna kewarka" ko ƙanwarsa za ta iya rubutawa. Ga yadda ni zan faɗa, ke kya gyara da bakinki:

"Abban Ilham, jiya bayan isha'i na ɗauko 'yar butarka na dafa shayi. Na sa citta, na sa kanumfari, bai yi ba. Sai da na zuba sukari irin naka, wanda nake maka faɗa a kai, sannan ya yi. Ka ci wannan shari'ar, amma kada ka saba. Zogalenka ya wuce katanga, na hana kowa ya taɓa reshen sama, kai za ka fara tsinka. Can wa ke dafa maka?"

Kin ga na ƙare da tambayar da "amin" ba za ta amsa ba. Addu'a tana da kyau, ki ci gaba da yi, amma in kika rufe saƙo da ita, ba abin da ya rage masa sai amin. Zancen Ilham da jirgi kuwa ki ajiye shi tukuna. Yana da daɗi amma yana da nauyi, kada ki haɗa masa duka a dare ɗaya.

Bala Jidda: Ni ina nan Saudiyya shekara ta shida, bari in ƙara abu biyu daga wannan ɓangaren. Na farko agogo. Muna gaban Najeriya da awa 2. In kin kwantar da yara kin zauna rubutu ƙarfe 10 na dare, shi 12 ta yi masa, kuma direban gida da asuba yake tashi ya kai 'ya'yan masu gida makaranta, daga Lahadi zuwa Alhamis. Wataƙila "amin na gode" ɗin nan ba sanyin zuciya ba ne, ido ne ya rufe. Ki gwada daren Alhamis ko safiyar Juma'a. Na biyu, ki cire "yaushe za ka zo" daga irin wannan saƙon. Direban gida ba ya tashi ya taho don ya ga dama, sai kafili, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, ya fitar masa da bizar fita da dawowa, ga kuɗin tikiti. Shi ya sa nake bayan Malam Habu a kan karin maganar. Garin masoyi yana da nisa in izinin tafiya na hannun wani. Kuma don Allah zancen kuɗin makaranta ko na haya ki ba shi ranarsa daban. In yana biyo bayan kalamai masu daɗi, nan gaba da ya ga daɗin zai fara laluben aljihu.

Ɗan Gwale: To ni fa har yanzu ban sauka ba. Me zai hana ta juya ta? Ta ce "da ni ke da iko da tuni na tako, garin masoyi ai ba ya nisa." Yanzu ita ce mai tafiyar, ina gorin yake?

Malam Habu: Wannan kam na yarda, ka mayar da ita mazauninta. Ita ce mai hawa keken yanzu.

Hajiya Yaya: Ni ban ga amfaninta ba ko an juya. Bayan zancen buta, karin magana ado ne a kan ado. Kuma namiji mai kishi zai iya cewa, ki tako ki bar mini yara da wa?

Na Damagaram: Hajiya wannan kuma sai in dama rigima yake nema.

Maman Ilham: Na dawo da labari. Na tura safiyar Juma'a, da murya kamar yadda Na Damagaram ya ce. Sau huɗu ina gogewa saboda dariya da kunya. Na Hajiya na bi, sai dai a ƙarshe bakina ya suɓuce na ƙara na Ɗan Gwale. Ya maido da murya ta minti uku da wani abu. Kusan duka a kan sukari ne, wai dama ya san gaskiya za ta yi halinta, kuma wani ɗan Sudan da suke ɗaki ɗaya ya fi shi zubawa. Ya ce a sare kan zogalen kada ya yi tsawon banza, ba sai an jira shi ba. Karin maganar kuwa ko ambatonta bai yi ba.

Ɗan Gwale: Shiru ai yarda ce.

Hajiya Yaya: Ko kuma bai ma ji ta ba, hankalinsa na kan buta. 'Yata, in kin sare zogalen ki shanya ganyen a inuwa, ba a rana ba, ki daka ki ajiye masa. Ba za a rasa mai tafiya Umara ba.