Zuhal ya dawo, Zara ta ja da baya: me za mu ce musu da Hausa?

Uwar Biyu, Jidda

Salamu alaikum jama'ar gida. Kalmomi uku nake nema, kuma ba don nishaɗi ba. Ƙanwata da ke aure a Makka ta shiga sauraron matan nan masu karatun taurari a waya, kullum bakinta "audatu Zuhal", "taraju'uz Zuhra", "ubur". Duk saɓanin da suka samu da mijinta sai ta ce lokacinsa ne ya zo. Ranar Juma'a na same ta a kicin, albasa na ƙonewa a tukunya, ita kuwa ta duƙufa kan wani da'ira mai layuka ja da shuɗi a waya, tana nuna mini wai ga inda aurenta ya tsage. Ina so mu zaunar da ita gaban Hajiyarmu, amma Hajiya Larabcin kasuwa kawai take ji. Yaya zan faɗi abubuwan nan uku da Hausa, yadda tsohuwa za ta gane abin da 'yarta ta ɗauka a kai? A watan Maris na 1995 aka haifi yarinyar, in hakan zai taimaka.

Direban Kilo Sittin

Wa alaikumus salam Hajiya. Ubur ai shi ne tiranzit, kamar wanda jirginsa ya sauka Alƙahira ya jira na Kano. Mu yada zango muke cewa. Sauran biyun ban san su ba.

Baba Malam, Madina

Direba, ba na filin jirgi ake nufi ba, ko da yake ba ka yi nisa da gida ba. 'Yata, bari in fara da na farko don shi ya fi sauƙi.

Zuhal yana ɗaukar shekara 29 da kusan rabi kafin ya kewaye rana sau ɗaya. Burujai, wato yankunan da aka kasa hanyar taurari a sama, 12 ne, don haka yana yin kamar shekara biyu da rabi a kowanne. Masu wannan sana'a suna rubuta inda kowane tauraro yake a ranar da aka haifi mutum, wannan shi ne da'irar da kika gani. Ranar da Zuhal ya gama kewayensa ya sake tsayawa a wannan gurbin, ita suke kira audatu Zuhal. Tana samun kowa tsakanin shekara 28 da 30, ta sake zuwa wajen 58 ko 59. Ni zagayowar Zuhal zan ce. Hajiyarku ta san zagayowar shekara, ta san zagayowar ranar haihuwa, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Ga lissafin ƙanwarki yadda su za su yi shi. Wanda aka haifa farkon Maris 1995, Zuhal ɗinsa yana wajen daraja 15 a burujin Hutu, wato Kifi. Zuhal ya sake shiga Hutu a Maris 2023, ya iso daraja 15 a Afrilu 2024. Ƙarshen Yuni sai ya tsaya ya juya, ya sake bi ta kan wannan darajar a Satumba, ya miƙe a Nuwamba, ya bi ta kanta karo na uku a Janairu 2025. Shi ya sa za ki ji suna cewa ya buge ta sau uku: na farko matsala ta kunno kai, na biyu ta ci tura, na uku a yanke hukunci. A wurinsu Zuhal tauraron nauyi ne da jinkiri da ƙunci, sai su ce yana gwada aure, mai ƙwari ya tsaya, mara ƙwari ya rushe. Lissafin tafiyar gaskiya ne, ana iya duba shi da ido. Fassarar kuwa tasu ce.

'Yar Rusaifa

Baba, ni fa ina ganin kome ya fi daɗin faɗi. Komen Zuhal, komen Zuhura. Ai cewa suke in Zuhura ta juya tsofaffin samari da tsofaffin mazaje suna dawowa, ka ga kalmar ta zauna daram. Ni kaina lokacin da ta juya a 2023 tsohon mijina ya aiko a yi biko.

Baba Malam, Madina

To ai nan ne haɗarin, 'yata. Kome a Hausa na matar da aka saka ta koma ɗakinta ne. In kika ce komen Zuhura, kin riga kin ɗaura wa tauraro aure kafin a fara magana, mai sauraro ya karɓi da'awar ba tare da ya sani ba. Kuma kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: na Zuhal gama kewaye ne, na Zuhura juyawa ce da ido ke gani. Haka ma ba na son koma-baya, wanda na ji wasu suna faɗi. Koma-baya a bakinmu lalacewa ce, kasuwa ta koma baya, karatu ya koma baya. Wanda ya ji an ce Zuhura tana koma-baya gabansa ya riga ya faɗi.

Malaman falaki na da raji'i suke cewa in tauraro ya juya, mustaƙimi in ya miƙe. Mu kuma muna da sunan Zuhura tun kaka da kakanni, Zara matar wata.

Ɗan Jami'a, Jidda

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. In ƙara abu ɗaya don a zaɓi kalma daidai: Zara ba ta taɓa juyawa a kan hanyarta. Tana kewaye rana cikin kwana 225, mu muna yi cikin 365, kuma ita ce a layin ciki. Ku ɗauki ɗawafi. Wanda ke kusa da Ɗaki yana gama zagaye kafin na can gefe. Lokacin da ya zo wucewa tsakaninka da Ɗakin, in ka auna shi da ginshiƙan can ƙetare, sai ka ga kamar ya saɓa wa yadda ka saba ganin tafiyarsa, alhali gaba yake yi. Haka Zara take mana duk bayan kwana 584, kusan wata 19, kuma abin yana ɗaukar kwana 40 da 'yan kai.

Da yawanmu mun gani ba mu lura ba. Na 2025 ya fara farkon Maris, daidai shigowar azumi. Ni a saman benenmu muke shan ruwa, makon farko tana nan fes a yamma bayan magariba, kullum tana ƙara yin ƙasa. Kafin goman ƙarshe ta ɓace cikin hasken rana. Wajen Sallah sai ga ta a gabas da asuba. Wannan ta asubar ita ce Gamzaki. Zara da Gamzaki tauraro ɗaya ne, juyawar ita ce lokacin da take canja suna.

Shawarata ja-da-bayan Zara.

Uwar Biyu, Jidda

Wallahi Hajiya za ta gane wannan, ta sha nuna mana Gamzaki muna yara. Amma akwai abin da ke damuna. A cikin azumin nan na 2025 suka yi faɗan da ya fi kowanne, har ta kwana biyu a gidana. Tana riƙe da wannan a matsayin hujja. Me zan ce mata?

Ɗan Jami'a, Jidda

Yaya, tambaye ta aikin mijin. In yana cikin masu hidimar 'yan Umra, kin san azumi a Makka ba barci ba zaman gida. Sannan ki ce ta lissafa faɗan da suka yi a sauran watannin da Zara ke tafiya daidai, don kwana 40 cikin 584 bai kai kashi ɗaya bisa goma ba. Dabarar karatun tana cikin kalma ta uku da kika tambaya. Ubur shi ne a ɗora taurarin yau a kan da'irar haihuwa a duba wanda ya hau kan wani, ko ya fuskance shi daga daraja 180, ko ya yi kusurwa da shi a daraja 90. Don aure suna duba Zuhura ta haihuwa, da wata, da gida na bakwai na da'irar, wanda suke ɗauka gidan aure. Zuhal kaɗai yana yin ɗaya daga cikin waɗannan da kowane gurbi duk bayan shekara bakwai da ɗan abu, kuma suna ba shi rangwamen 'yan darajoji kafin ya iso da bayan ya wuce. Ki haɗa da'irar miji da ta mata, ki ƙara sauran taurari. Da wuya a sami watan da ba za a tsinci wani abu ba. Alamar da za ki gane ita ce sai bayan an yi faɗa ake nemo tauraron da ya jawo shi.

'Yar Rusaifa

Ban musa ba, amma nawa kafin abin ya faru aka faɗa mini. Na dai yarda kome bai dace ba. Ubur kuma ku ce giftawa mana.

Baba Malam, Madina

Giftawa ta yi wa wata, mai kwana biyu da rabi a buruji. Abin da ya gifta ƙiftawar ido ne. Zuhal da ya shafe wata tara yana kai da kawowa a kan daraja ɗaya ba za a ce ya gifta ba. Na so in ce ratsawa, amma ratse kauce hanya ne, kunne zai iya zamewa. Yada zangon Direba ma yana da ƙamshin gaskiya ga masu nauyin tafiya, sai dai manzili ya riga ya kama wannan ma'anar a lissafin wata.

Uwar Biyu, in kun zauna kada ku fara da tsawa. Malamai sun raba ilimin taurari biyu: na tafiyarsu, wanda ake gane alƙibla da lokutan shuka da shi, ba laifi, da na cewa suna tasiri a kan rabon mutum, wannan shi aka hana. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta, ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ki karanta mata wannan, sannan ki tambaye ta abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya a gidan. Shekara talatin da yara ƙanana da kuɗin haya da na iƙama sun isa su matse kowane aure.

Ɗan Jami'a, Jidda

Baba, ni ma ina so a bar giftawa ga wani abu dabam. Masana falaki suna cewa ubur idan Zara ta bi ta fuskar rana kamar ɗigon baƙi, yadda ta yi a Yuni 2012, ba za ta sake ba sai 2117. Wannan giftawa ce ta haƙiƙa. Na masu duba kuwa, me zai hana a ce bi-ta-kai? Zuhal ya bi ta kan Zararta.

Direban Kilo Sittin

Bi ta kai a wurinmu mota ce ta take mutum, malam. Tsohuwa ta ji haka sai salati.

Uwar Biyu, Jidda

Direba ya yi gaskiya, ba zan kai wa Hajiya wannan ba. Na ɗauki zagayowar Zuhal da ja-da-bayan Zara. Na ukun zan ce mata wucewar tauraro ta gurbin haihuwa, ko da ya yi tsawo, kafin wani ya kawo gajere. Alhamis bayan la'asar za mu hau Makka ni da ita, na ce wa ƙanwar tawa kada ta yi girki, zan taho da masa.