Littafi ya ce 412,000, asusu ya ce 366,200: ina sauran?

Uwar Biyu: Jama'a, wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya taimaka. Cinikin kati na jiya a littafina 412,000 ne, amma abin da ya shigo asusu yau da safe 366,200. Na fara zargin yaron shago, ban dai ce masa komai ba tukuna.

Ɗan Autan Baba: Hajiya, caji ne kawai. Haka suke yanka mana kullum.

Malam Akawu: Caji na ciki, amma ba zai cinye 45,800 ba. Hajiya, littafi da asusu ba sa haɗuwa kai tsaye, sai an bi ta rahoton da na'urar POS ɗin ke fitarwa idan ta rufe lissafin yini. Ki karanto mana layin SALES, da REFUND, da NET, da lokacin da ke saman takardar.

Uwar Biyu: SALES 380,000, REFUND 10,000, FEE 3,800, NET 366,200. Lokaci 21:00.

Malam Akawu: To, rabin aikin ya ƙare. Cire 10,000 da 3,800 daga 380,000, sai ki ga 366,200 daidai, wato abin da rahoto ya ce za a biya shi aka biya. Giɓin da ya rage 32,000 ne, tsakanin littafinki da SALES. Ƙarfe nawa kike rufe shago? Na'ura ta rufe nata lissafin ƙarfe tara, duk katin da aka saka bayan nan ya faɗa rahoton gobe. Ni na yi wata guda ina fama da wannan kafin na lura ranar na'ura daban, ranar shago daban.

Uwar Biyu: Sai goma nake rufewa. Na ga rasit biyu na bayan tara, 20,000 ke nan. Saura 12,000.

Tela Mai Haƙuri: Ni tawa na'urar takarda take cinyewa, rabin rasit ba ya karantuwa. Ko akwai mai gyara?

Anti Zee: Yaya, ki jera rasit ɗin ki bi su ɗaya bayan ɗaya da lambar RRN, wato lambar shaidar cinikin da ke kan rasit, kada ki bi da adadin kuɗi, don ciniki biyu kan zo iri ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni: mai saye ya nuna alat an cire masa, yarinyata ta ba shi kaya, ashe rasit DECLINED ya rubuta. Kuɗin ya koma masa, mu ko sisi.

Uwar Biyu: Innalillahi, ga shi nan, 12,000, DECLINED. Allah Ya sa ban yi wa yaron magana ba. Amma Malam, 3,800 ɗin kashi 1 cikin 100 na 380,000 ne, har da cinikin da na mayar da kuɗinsa. Ba za a dawo min da cajinsa ba?

Malam Akawu: Wannan sai yarjejeniyarki da waɗanda suka ba ki na'urar. Nawa ba sa dawowa da shi.

Anti Zee: Ni kuwa ana dawo min, amma sai ƙarshen wata.