Wane ne ya taɓa zana tsakiyar tura kuɗi ta waya?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta bayanin zanen katun na minti ɗaya kan tura kuɗi ta waya. Farko da ƙarshe sun zauna: mai shago a Kasuwar Barci ta danna lambar sirri, ɗanta a Kawo ya ga alat.

Tsakiyar ce ta ƙi. Na rubuta "takardun naira suna tashi daga waya zuwa waya", amma ai ba takarda ke tafiya ba. Saƙo ne: bankinta ya rage mata, NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, ta isar, bankin yaron ya ƙara masa. Da na sa akwatuna uku da kibiya, mai zanen ya ce daƙiƙa 8 ɗin da tsakiyar ke da su ba za su isa ba.

Ya kuke nuna wannan ba tare da rubutu ya cika allo ba?